Farin akwatin bayan tambari: wanne za a danna?

"Assalamu alaikum. Na ɗora tambarin ƙungiyarmu a kan shafin PowerPoint mai launin shuɗi, sai ga farin akwati ya kewaye shi. Wani ya ce in yi Remove Background, wani ya ce Set Transparent Color. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki Set Transparent Color. Danna tambarin, ka shiga Picture Format, ka buɗe Color, can ƙasan jerin za ka gan shi. Da ka zaɓe shi, sai ka taɓa farin wurin sau ɗaya, akwatin ya ɓace.

Abin da ya sa ya dace da tambari shi ne ba ya canki-canka. Launi ɗaya ka nuna masa, shi kaɗai yake gogewa, duk inda yake a hoton. A ce tambarinku koren da'ira ne, da farin tauraro a tsakiya, sunan ƙungiya a ƙasa da siraran baƙaƙe. Dannawa ɗaya za ta kwashe akwatin, har da ɗan farin da ke maƙale a cikin ramin "a" da "o", alhali ko ɗigon saman "i" bai taɓu ba. Sai dai tauraron ma ya tafi, tunda shi ma fari ne, shuɗin shafin ya leƙo ta wurinsa. Gyaransa ba wuya. Ka shiga Insert, Shapes, ka zana farar da'ira wadda ta fi tauraron girma amma ba ta kai koren ba, ka cire mata layin gefe, ka tura ta bayan tambarin da Send Backward. Sannan ka zaɓe su duka biyun ka danna Ctrl+G, don in ka ja ɗaya ɗayan ya biyo shi.

Inda yake gazawa shi ne fayil ɗin JPG. Farin gaske a kwamfuta lambarsa 255, 255, 255 ce. Shi kuwa JPG, garin matse hoto, yakan watsa ɗigogi kusa da gefen rubutu masu lamba irin 252 ko 249. Ido fari yake gani, PowerPoint kuwa wani launi daban yake gani, sai ya bar su. Daga nan ne farin ƙura-ƙuran da ke bin gefen baƙaƙe yake fitowa, kuma iya duhun shafi iya fitowarsa. Kada ka ce za ka sake dannawa a kansu, domin launi ɗaya tak yake riƙewa. Da ka nuna masa sabo, na farkon ya dawo. Ka zuƙo shafin zuwa 400% ka duba gefen. In siririn zare ne kawai, kuma tambarin ƙarami zai zauna a kusurwa, ba wanda zai lura daga kujerarsa. In kuma ya yi kamar an barbaɗa gishiri, fayil ɗin ne bai da kyau.

Shi Remove Background don hotunan mutane da kaya aka yi shi. Yana shafa wa abin da zai cire launin shunayya, kuma sau da yawa siraran rubutu yake fara haɗiyewa, ka zauna kana ta zane da Mark Areas to Keep, gefen ya fito kamar ɓera ya gaigaya. Amfaninsa ɗaya a nan: in tambarin dunƙulalle ne ba rubutu, zai iya bar maka farin da ke cikin tambarin ya cire na waje.

In shafin na babban taro ne, ka nemi asalin fayil ɗin wurin wanda ya zana tambarin, PNG marar baya ko SVG. In rubutun baƙi ne, ka ce ya haɗo da mai farin rubutu, don baƙi a kan shuɗi mai duhu ba ya karantuwa ko an cire akwatin.

Ka kuma yi hattara da masu karɓar kuɗi su ce sun mai da shi PNG. Wani sunan fayil ɗin kawai yake canzawa, wani kuma ya ba ka mai ƙananan murabba'ai fari da toka a baya, alhali zana su aka yi a jikin hoton. Kafin ka biya, ɗora shi a kan baƙin shafi ka gani da idonka.

In ka gama kana son ajiye shi don gaba, danna dama a kansa, Save as Picture, ka zaɓi PNG. In ka ajiye shi a JPG, farin akwatin zai dawo, domin JPG ba ya iya riƙe wurin da babu launi.