Wata biyu da saniya mai GPS a wuya: abin da na gani a adehabitatHR

Da damina muka ɗaura wa wata saniya abin wuya mai GPS a wata ruga da ke wajen Dawakin Kudu, yana aiko da inda take duk rabin awa. Kwana 60 ya kamata ya ba da ɗigo 2,880, amma 2,700 na samu masu kyau. Na zauna a ɗakina a Kabuga da manhajar R da kunshin adehabitatHR, ina son sanin faɗin yankin da take yawo.

Saka shi ba wuya, kyauta ne kuma. Sai dai ka fara mayar da ɗigoginka daga digiri zuwa mita. Kano tana cikin UTM shiyya ta 32, wato `EPSG:32632`. In ka manta, zai ba ka lamba ba tare da ya ce uffan ba, kuma lambar banza ce. A nan ƙasa, `sa` shi ne sunan da na ba ɗigogin saniyar bayan na mayar da su mita.

```r
library(adehabitatHR)
m <- mcp(sa, percent = 95, unout = "km2")
k <- kernelUD(sa, h = "href", grid = 300)
v <- getverticeshr(k, percent = 95, unout = "km2")
```

Hanyar `mcp` tsohuwa ce, tun aikin Mohr na 1947. Kamar a kafa turke a kowane ɗigo ne, a zagaye na bakin waje da igiya a ja ta miƙe. Da na haɗa duka ɗigogin, sai ta ce murabba'in kilomita 38. Na kira mai shanun, na ce: "Baffa, ina kuka je haka?" Ya ce rana ɗaya ce suka kora su can nesa wajen allurar rigakafi. Tafiyar yini guda ta ninka yankin fiye da sau biyu.

Na rage zuwa kashi 95, ya dawo 17. Amma a nan ne na fara lura da halinta. Kashi biyar na 2,700 ɗigo 135 ne, kuma waɗanda suka fi nisa daga tsakiya take zubarwa, ba ruwanta da dalili. Ranar rigakafin ba ta kai ɗigo 50 ba. Ragowar ta yanko su ne daga mashaya, wurin da saniyar take zuwa kullum! Abin da ya fi damuna kuma, igiya ba ta lanƙwasawa ciki. Shanun suna bin burtali ne mai kama da lauje, suna kewaye gonakin gero da dawa, amma taswirar ta haɗiye gonakin duka. Ka nuna wa manomi wannan hoton ka ga yadda za a kwashe, alhali ƙafar saniyar ba ta taɓa shukarsa ba.

`kernelUD` tunaninta daban ne, Worton ne ya yaɗa ta a 1989. Kowane ɗigo ana zuba masa ɗan tulin yashi, inda ɗigogi suka taru sai yashin ya yi tudu, sannan a zana layin da ya ƙunshi kashi 95 na yashin. Ta bar mafi yawan gonakin a waje, ta ba ni 11, ta kuma nuna inda saniyar ta fi daɗewa, abin da igiya ba za ta taɓa faɗa ba.

Rigimar duk tana kan faɗin tulin, wato `h`. Lissafin `href` shi ne `sigma * n^(-1/6)`, inda `sigma` ke nufin bazuwar ɗigogi, `n` kuma yawansu. Bazuwar ɗigogina wajen mita 1,500 ce, sai `h` ya fito kusan mita 400. Wannan lissafi yana ɗauka dabbar cibiya ɗaya take da ita, tawa kuwa uku gare ta: makwanci, makiyaya, mashaya. Sai yashin ya malala, layin ya tsallake kwalta zuwa inda garken bai taɓa haurawa ba. Na gwada `h = "LSCV"`, wata hanyar da kunshin ke laluben `h` da kansa, ya yi gargaɗin bai kai ga matsaya ba. Dalili a fili yake: kusan rabin ɗigogin na dare ne, jibge a wuri ɗaya, sai lissafin ya yi ta ƙanƙance `h` har taswirar ta farfashe kamar sakaina.

Ƙarshe na cire na dare, na sa `h = 150` da hannu, ina ragewa daga 400 har na tsaya dab da inda burtalin zai tsinke. Ya ba ni 6. Saniya ɗaya, damina ɗaya: 38, 17, 11, 6.

Akwai abin da `kernelUD` ba ta dubawa: ɗigon ƙarfe goma da na goma da rabi ba baƙin juna ba ne, ita kuwa tana lissafa su kamar kowanne zaman kansa yake. Kunshin ctmm an gina shi ne don wannan, shi zan gwada da rani. A rahotona na saka sakamakon `mcp` don kwatanci da tsofaffin ayyuka kawai, na rubuta `h` da yawan ɗigo kusa da kowace lamba. Taswirar da na buga na kai wa Baffa ta `h = 150` ce, ya ɗora yatsa a kai ya nuna mini mashaya tun kafin in buɗe baki.