Kwalba biyar: jerin ɗaci ko jerin tsami?

"Ina so in tanadi ɗan kantar barasa a gida saboda baƙi, amma kuɗina ba zai wuce na kwalba biyar ba. Wani ya ce in fara da jin, wiski, jan bermut, Campari da Angostura. Wani kuma ya ce a'a, jin, farin ram, tekila, Cointreau da Angostura. Wanne ne zai fi ba ni haɗe-haɗe na asali? Wutarmu dai ba ta cika zama ba."

Ɗan'uwa, duka biyun sun ba ka shawara mai kyau, sai dai kowanne gidansa ya duba. Na farko ya zaɓa maka abubuwan da ake juyawa da cokali a cikin ƙanƙara, masu ƙarfi da ɗaci-ɗaci. Na biyu ya zaɓa maka waɗanda ake girgizawa da lemon tsami da ruwan sukari.

Jerin farko duk kwalaben cikinsa 'yan gida ɗaya ne, kowacce tana shiga da 'yar'uwarta. Jin, jan bermut da Campari, mililita 30 kowanne, shi ne Negroni. Ka cire jin ka sa wiski, ya zama Boulevardier. Ka cire su duka biyun ka cika kofin da ruwan soda, ya zama Americano, mai sauƙi, na lokacin zafi. Wiski mililita 60, bermut 30, ɗigo biyu na Angostura, wato ruwan ɗaci mai ƙamshin kayan yaji, Manhattan ke nan. Wiski 60 da ƙaramin cokali ɗaya na ruwan sukari da Angostura, ga Old Fashioned. Abin sha biyar, kuma ba ka yanka komai ba sai ɓawon lemon zaƙi.

Jeri na biyu yana ba ka Daiquiri da Mojito daga ram, Margarita daga tekila da Cointreau, wato barasa mai zaƙi ta ɓawon lemo, White Lady daga jin da Cointreau, sai Gimlet da Tom Collins. A lissafi kamar shi ne a gaba. Amma ka lura, Gimlet jin ne kawai da tsami da sukari, Tom Collins kuma ruwan soda kawai aka ƙara a kai, kuma jerin farko ma yana da jin. Lemo da sukari ba sa cikin kwalba biyar ɗinka, a kasuwa ake sayo su. Saboda haka mai jerin farko yana iya yin Gimlet, Tom Collins har da Whiskey Sour ranar da ya ga dama, shi kuwa mai jeri na biyu ba shi da hanyar yin Manhattan ko Negroni ko da ya cika kwando da lemo. Ga kuma tekila, wadda a wannan jerin kusan aikinta ɗaya ne, Margarita. Kwalba guda cikin biyar ta tsaya wa abin sha ɗaya, wannan tsada ce.

Da wuta tana zama, da na ce maka ka ɗauki na farko ka huta. Matsalar tana ga bermut. Mutane suna ajiye shi a kan kanta kusa da wiski suna zaton abu ɗaya ne, alhali shi ruwan inabi ne da aka ƙara masa ganyayyaki da 'yar barasa, ƙarfinsa tsakanin kashi 15 zuwa 18 cikin 100. Jin da wiski da ram, da suke kusan kashi 40 zuwa sama, suna shekaru ba su canja ba. Bermut kuwa da zarar an buɗe, iska ta fara cin sa. A firji yakan kai wata ɗaya zuwa biyu da daɗinsa, a ɗaki mai zafi 'yan makonni sun isa. Za ka gane ya tafi idan ƙamshin ganye da na 'ya'yan itace ya dushe, ɗanɗanonsa ya zama salam, a ƙarshe ya ɗauko tsami-tsami irin na ruwan kal.

Mu yi lissafi. Kwalbar Martini Rosso ko Cinzano Rosso mai mililita 750, a kan 30 kowane kofi, kofi 25 ce. Don ka ƙarar da ita cikin wata biyu, sai gidanka yana fitar da kofi uku duk mako na Negroni, Manhattan ko Americano. In baƙinka na zuwa ne sau ɗaya a wata, rabin kwalbar zai lalace ko da firjin na aiki. Kuma ranar da bermut ya mutu, huɗu daga cikin biyar ɗin da na lissafa sun bi shi, Old Fashioned kaɗai zai rage. Idan ka samu ƙaramar kwalba mai 375, ita za ka saya, ka rubuta ranar da ka buɗe a jikinta.

Jeri na biyu ba shi da wannan damuwa, ko kwalba ɗaya ba ta buƙatar sanyi. Nasa nauyin a hannu yake. Dole a matse lemon a ranar, domin ruwan da ya kwana yakan ɗauko ɗaci, na roba kuma ba ya yi sam. Daiquiri ɗaya ram 60 ne, ruwan lemon tsami 20, ruwan sukari 15 zuwa 20, a girgiza da ƙarfi kamar daƙiƙa goma sha biyu a tace. Baƙi goma na nufin mililita 200 na ruwan lemo, wato ƙananan lemonmu kusan ashirin, ga girgiza a kai a kai kana tsaye mutane na hira. Ruwan sukarin ba wuya: kofin sukari ɗaya, kofin ruwan ɗumi ɗaya, a juya har ya narke. In babu firji, ka haɗa na rana ɗaya kawai.

Ƙanƙara dai duka biyun suna so, amma ba iri ɗaya suke jure mummuna ba. Wadda ta fara narkewa, jiƙaƙƙiya, tana tsinka Manhattan nan da nan ya zama ruwa-ruwa, domin babu tsami ko sukari mai yawa da zai rufe. Mojito kuwa ba ruwansa, dama da farfasasshiyar ƙanƙara ake yin sa. In sayo ƙanƙara kake yi, nemi babban dunƙule, ka fasa manya-manya, ka tsiyaye ruwan kafin ka zuba.

Akwai kuma batun bakin baƙi. Campari yana da ɗaci sosai, wanda bai saba ba sau da yawa kurɓi ɗaya yake yi ya ajiye. Daiquiri da Mojito kuwa da wuya a ƙi su. Sannan ka san ƙarfin abin da kake miƙawa: Manhattan ɗaya, duk ƙanƙantar kofinsa, barasar cikinsa ta kusa ta babbar kwalbar giya mai mililita 600. Ka auna da ma'auni, kar ka zuba da ido, kuma wanda zai tuƙa mota ka ba shi wani abu daban.

To ni a yanayinka ba zan ɗauki ko ɗaya yadda yake ba. Zan sayi jin, wiski, farin ram da Angostura, huɗu da ba sa lalacewa. Da su kaɗai kana da Old Fashioned, Whiskey Sour, Daiquiri, Mojito, Gimlet da Tom Collins. Angostura ɗin ma ƙaramar kwalba ce mai daɗewa, kuma ita ce ake ɗigawa a Chapman. Ta biyar firjinka ne zai zaɓa. In yana riƙe sanyi yawancin kwanaki, jan bermut, ka samu Manhattan, daga baya Campari ya zo na shida ya buɗe maka Negroni, Boulevardier da Americano lokaci ɗaya. In kuwa sanyin nasa sai an dace, ka ɗauki Cointreau ka yi White Lady, tekila ta jira har ranar da kuɗi ya samu.