Sharhi kan Subtitle Edit: yadda nake rage maganar barkwanci ba tare da gatsen ya mutu ba

Masu shirya gajerun wasannin barkwanci sun fara neman a rubuta musu maganar 'yan wasa a ƙasan bidiyo da Hausa, saboda kurame da masu kallo a kasuwa ko cikin mota waɗanda ke kashe sauti. Wannan aikin nake yi, kuma da manhajar Subtitle Edit nake yin sa. Wani ɗan ƙasar Denmark, Nikolaj Olsson, ne ya ƙirƙire ta. Kyauta ce, tana aiki a Windows, kuma da zarar ka sauke ta ba ta cin data. Ra'ayina a kanta shi ne ta ƙware wajen auna maka filin da kake da shi, amma zaɓen kalmar da za a yanke aikinka ne.

Tana zuwa da iyakokinta: harafi 43 a layi ɗaya, da harafi 25 a daƙiƙa. Wannan gudun ya yi wa masu kallonmu yawa, domin da yawa a waya suke kallo, kuma ba su saba karanta Hausa a guje ba. Sai na shiga `Options`, daga nan `Settings`, na mayar da layi 42 kamar yadda ƙa'idar Netflix ta tanada, gudun karatu kuwa na sa 17. Ba a wuce layi biyu a allo. Ma'aunin yana ƙirga tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu, kuma duk layin da ya haura iyaka sai ya canja launi tun kana cikin bugawa. Wannan gargaɗin na nan take shi ya fi komai amfani a wurina.

Ga wata magana irin wadda nake haɗuwa da ita. Mai shayi ne ya tare wanda yake bi bashi, ya zuba masa wannan cikin daƙiƙa 6:

"Kai, wallahi tallahi ni dai ban taɓa ganin mutum irinka ba, kullum gobe kullum gobe, to wai ita goben nan taka a mota take zuwa ko a jaki?"

Harafi 138 ke nan, wato 23 a kowace daƙiƙa. Layi biyu ba sa ɗaukar fiye da 84, kuma a gudun 17 abin da daƙiƙa 6 za su ba ka bai wuce 102 ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta "Yaushe za ka biya ni?" ka wuce abinka. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, launin gargaɗi zai ɓace. Amma mai kallo zai ga mutanen teburin shayi suna ƙyaƙyata dariya alhali shi bai karanta abin dariya ba, kuma mai shayin da aka sani da baki ya koma kamar ma'aikacin banki.

Abin da nake fara dubawa shi ne zanen sautin da ke ƙasan allo. A nan ake ganin inda ɗan wasa ya ja numfashi, kuma mai shayin ya ɗan tsaya bayan "kullum gobe" na biyu. Sai na raba maganar gida biyu a daidai wurin: daƙiƙa uku da rabi, sannan biyu da rabi. Kashi na farko yana da filin harafi 59, na biyu 42.

```
12
00:01:04,000 --> 00:01:07,500
Wallahi ban taɓa ganin irinka ba,
kullum gobe, kullum gobe!

13
00:01:07,550 --> 00:01:10,050
Wai goben nan taka a mota take ko a jaki?
```

Na farko ya tsaya a harafi 58, na biyu a 41. Na zubar da "kai", da "tallahi", da "ni dai", da "mutum", domin fuskarsa da hannun da yake kaɗawa sun riga sun faɗi wannan. Maimaicin "kullum gobe" kuwa na bar shi duk da filin da ya ci, saboda a cikinsa gajiyar mutumin take. Wanda ya ce "kullum gobe" sau ɗaya bayani yake yi, wanda ya faɗa sau biyu ya kai maƙura. Motar ma ba ta taɓuwa. "Goben taka a jaki take?" ya fi gajarta, sai dai ba tare da mota a gaba ba, jakin bai da abin da zai faɗo daga kansa. Kuma dole "jaki" ya zo a ƙarshe, a allonsa daban, don kada ido ya riga kunne. In aka cusa duka a allo ɗaya, mai saurin karatu zai gama dariyarsa kafin ɗan wasan ya iso wurin.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne ƙananan kalmomin nan namu: dai, fa, mana, kuwa, ma, wai. Harafi biyu ne zuwa huɗu, don haka su hannu ke fara kaiwa idan layi ya yi ja. Amma a cikinsu halin mai magana yake zaune. "Zauna" umarni ne. "Zauna mana" lallashi ne ko ƙosawa, gwargwadon fuska. "Zauna fa" gargaɗi ne, uwa ce ke magana kuma saura kaɗan. Shi ya sa a misalin mai shayi na cire "to" da "ita" da "zuwa" amma na riƙe "wai", domin ita ke nuna tambayar ba ta neman amsa. A kowace jimla nakan tambayi kaina wace ce a cikinsu ke ɗauke da muryar, in bar ta ita kaɗai. Haka lamarin yake ga kalmomin girmamawa. In matar gida ta ce wa mijinta "ranka ya daɗe" a tsakiyar faɗa, gara in yanke rabin jimlar da in taɓa waɗannan kalmomi uku, don gatsen duka a nan yake. Tsakanin taubasai ma, zolayar da aka sassauta ta kan zama zagi ko ta zama gaisuwa.

Maɓallin `Auto br` da ke karya layi da kansa ba na sakar masa aiki gaba ɗaya. Tsawon layuka yake daidaitawa, don haka yana iya barin "za" a sama ya tura "ka" ƙasa, ko ya raba "a" da "mota". Nakan danna shi, sannan in gyara da hannu a inda mai magana zai huta. Haka ma `Fix common errors`: yana nuna maka jerin abin da zai gyara kafin ya taɓa komai, kuma yana da kyau ka karanta jerin nan ɗaya bayan ɗaya, saboda tsawaita lokacin wani layi na iya sa maganar ta zauna a allo bayan kyamara ta koma kan wani.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Rubuta ƙ, ɗ, ɓ na gaskiya yana rage maka ƙirga, domin k' da d' harafi biyu-biyu ne a wurin ma'auni, kuma a layin da ya cika maƙil wannan bambancin yana iya ceton "fa" ɗaya. Ka adana fayil ɗin a `UTF-8`, sannan kafin ka miƙa aiki ka buɗe shi a ƙaramar waya ka gani da idonka, don wasu nau'o'in rubutu ba su da waɗannan haruffa, sai su nuna akwati a madadinsu.

Ina ba duk mai wannan sana'a shawarar ya sauke ta. Gwajin ƙarshe dai ba a cikinta nake yin sa ba. Nakan kashe sauti, in miƙa wa wanda bai taɓa ganin wasan ba, in lura da lokacin da ya yi dariya. In ya riga mutanen cikin bidiyon, na saki layin da wuri. In ya makara, layin ya yi tsawo, sai in koma in sake ragewa.