Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi: asibitin shakatafi ko babban asibiti?

Da damina mutanen ƙauyenmu a nan Jigawa sukan yawaita tambayata inda ya dace a kai mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ko asibitin shakatafi na kusa, ko babban asibiti.

Na kusa ya fi arha da sauƙin zuwa, kuma cikin minti 20 gwajin jinin yatsa yakan nuna zazzaɓin cizon sauro, a ba da maganin kwana 3. Iyakarsa ke nan, domin wannan gwaji ba ya gano taifot, wanda zazzaɓinsa yake hauhawa fiye da mako guda tare da ciwon ciki, ba ya kuma gano cikungunya, wata cuta da sauro ke yaɗawa, wadda take ƙage wuyan hannu da idon sawu.

Babban asibiti yana cin kuɗin mota da wuni guda, amma a can ake bin diddigin kumburin gaɓa. Na ga yarinya 'yar shekara 10 wadda aka yi ta ba maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali gwiwarta ce ta kumbura ta yi zafi, sannan kumburin ya koma gwiwar hannu, makonni 3 bayan ciwon maƙogwaro. Wannan ba sanyin ƙashi ba ne kawai, yana iya lalata zuciya, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Wanda zazzaɓinsa sabo ne, jiki na ciwo babu kumburi, ya fara da na kusa. Wanda gaɓarsa ta kumbura, ko zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana 3 na magani, ya wuce babban asibiti.