Kuɗin ƙungiya: akwati, akawun ɗin uwar adashi, ko asusun banki?

Ranar sunan ɗiyar yayata a Kurna, bayan an ci an sha an fara watsewa sai Inna ta jawo ni gefe, wai matan ƙungiyarsu na ƙauye can bayan Gezawa sun zo su takwas, tunda na taɓa aikin buɗe wa mutane asusu in zo in musu bayani inda ya kamata su riƙa ajiye kuɗinsu. A tabarma muka zauna a tsakar gida, ga abin da na faɗa musu ko zai yi wa wata ƙungiyar amfani.

Su 25 ne, kowa na zuba 2,000 duk ranar Juma'a, wato 50,000 a sati, kuma ba irin adashin da ake kwasa duk sati ba ne, tarawa suke sai gab da azumi a raba. In suka yi sati 50 kuɗin ya kai miliyan 2 da rabi. Da wannan lissafin na auna musu komai.

Yanzu dai kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a ƙarƙashin gadon ma'aji, makullan na hannun mata uku daban daban. Na ce musu iyayena wannan dabara ce mai kyau amma ku kawai take karewa daga junanku, ɓarawo ba ya neman makulli ɗaukar akwatin yake gaba ɗaya ya je ya fasa a nutse, kuma duk ƙauyen an san ranar zubi an san gidan da ake kaiwa. Gobara ma haka, 'yan kasuwar Sabon Gari sun ga wannan a 2016. Ga ruwan damina a ɗakin ƙasa, ga gara. Na tuna musu canjin kuɗi na farkon 2023 lokacin da aka sa wa tsofaffin 200 da 500 da 1,000 wa'adi, duk mai kuɗi a gida sai da ya yi ta zarya. Inna ta ce kar ki tuna min 'yar nan. Amma a yi adalci, akwati ba ya cin caji kuma ba ruwansa da netiwok, shi ya sa ban ce a jefar da shi ba, a bar ɗan abin gaggawa a ciki kamar 50,000 saboda haihuwa ko rashin lafiya.

Sai wata ta ce to ai uwar adashinsu na da akawun a waya, me zai hana a riƙa ba mai POS ya tura mata. Nan ne na fi daɗewa domin shi ne ya fi kama da mafita alhali shi ya fi raba zumunci. Asusun da aka buɗe a waya ba tare da cikakkun takardu ba, matakin farko ke nan, ba ya riƙe fiye da 300,000, ku kuwa a sati na shida kun cika shi. Ko an ɗaga matakin ma matsalar na nan, a idon banki kuɗin na mai sunan ne ba na ƙungiya ba. Allah ya ja da ran Hajiya, amma in ta Allah ta kasance banki zai tsayar da asusun har magada su kawo takardar kotu, kuɗinku ya cakuɗe da gado, sai ku koma kuna rantse-rantse da 'ya'yanta kan nawa ne naku nawa ne nata. Sannan lambar sirri ɗaya ce a hannun mutum ɗaya, yaron gida da ke danna mata waya ya san ta, ɗan damfara ya kira ya ce daga banki yake a karanto masa lambar da ta shigo, minti biyu an kwashe. Ita kanta Hajiyar da ake maganar ta ce wallahi ba ta son wannan nauyin.

Abin da na ba su shawara shi ne asusun ƙungiya, da sunan ƙungiyar, masu sa hannu uku amma ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa hannu ko sun dangwala. Kwaɗon nan uku ne dai aka mayar banki. Ana zuwa da dokokin ƙungiya a rubuce, da takardar zaman da aka amince a buɗe asusun tare da sunayen masu sa hannu, kowace da BVN da NIN ɗinta da hoto fasfo, wasu bankunan sai sun ga takardar rajistar ƙungiya don haka a aika mutum ɗaya ya fara tambayo wa kafin a ɗebo tsofaffi a mota. Na ce kar su karɓi katin cirar kuɗi a kan wannan asusun, kati na rusa maganar sa hannu biyu. Alat kuma a sa ya riƙa shiga wayar wadda ba ta cikin masu sa hannu, ranar zubi a karanta shi a gaban kowa a gwada da littafi, in littafi ya ce 600,000 a sati na 12 alat ya ce 550,000 kun san zubin sati ɗaya bai isa banki ba tun kafin abin ya yi nisa.

To wane banki? Nan maganar in banki ya rushe ta taso, kuma tambaya ce mai kyau domin suna rushewa. Akwai hukumar NDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya, tun 2024 tana biyan har miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024 ta BVN aka bi aka tura wa mutane kuɗinsu a asusun da suke da shi a wasu bankunan. Abin lura, asusun ƙungiya mai ajiya ɗaya ne, ba za a ce ku 25 ne a ninka muku ba. Kenan miliyan 2 da rabinku a babban banki duk yana cikin inshora, a ƙaramin banki kuwa daga sati na 41 kun haura, 500,000 na sama sai an sayar da kadarorin bankin ku ga abin da zai samu, kuma abin na ɗaukar lokaci. Ƙaramin banki ya fi kusa da ku ya fi sauƙin hulɗa, in shi kuka zaɓa to ku tabbatar yana da lasisin Babban Banki da alamar NDIC, kuma kar ku bari kuɗin ya wuce miliyan 2 a ciki. Wanda ya zo da babur da rasit yana cewa ku zuba duk wata a ba ku riba mai tsoka, wannan ba banki ba ne kuma ba hukumar da za ta biya ku.

Maganar kuɗin ruwa ban jira sun tambaya ba, na san tana ransu. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ, duk suna da rassa a Kano kuma su ma inshorar NDIC ta shafe su.

Ban ɓoye musu abin da banki ba zai yi ba. Za a riƙa cire 'yan kuɗin alat, mai POS zai karɓi nasa in ta hannunsa kuka zuba, wata rana a je a ce ba netiwok, kuma in buhun shinkafa ya tashi kafin azumi ba bankin da zai cika muku gibin. Kuɗin mota zuwa gari ma lissafi ne, shi ya sa na ce a riƙa kaiwa duk sati biyu 100,000 a dunƙule, mutum biyu su tafi tare kuma a riƙa sauya ranar. Ranar rabo kuwa a sanar da reshe kwana biyu kafin nan, ko ma wadda ke da asusunta a tura mata dubu 100 ɗinta kai tsaye a rage yawo da jaka.

Ma'ajin tasu ta ce ita dai a fara da rubuta dokokin tunda duk a ka suke, sai Inna ta tura jikanta ya sayo littafi mai layi a shagon bakin layi muka fara da sunayen masu sa hannu kafin direbansu ya fara danna musu hon.