Sharhi kan akwatin haɗa hologiram: na rufe gilashin na bar ƴar kafa, motar tana nan

Na jima ina amfani da wani ƙaramin akwati na koyon haɗa hologiram, wato hoto mai zurfi da ake ɗauka da hasken leza, kuma abin da ya fi gamsar da ni a cikinsa shi ne ya bar ni na gwada maganar nan da ake yawan yi, cewa kowane ɓallin hologiram yana ɗauke da hoton gaba ɗaya. Maganar gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma littafin da ya zo da akwatin bai ko taɓo iyakar ba.

Kayan ciki ba su da yawa: jar leza mai ƙarfin miliwat 5 da tsawon zango nanomita 650, mariƙi na roba, ƴar motar wasa ta ƙarfe, da gilasai masu shafen wani sinadari da ke daskarewa inda haske ya fi bugunsa, don haka ba sai an wanke su da magani ba. An cire wa lezar gilashin da ke tsuke haske, sai hasken ya fito a baje. Wani ɓangare ya faɗa kan gilashin ɗaukar hoton kai tsaye, shi ne hasken ma'auni. Wani ya bugi motar ya warwatsu, sannan ya iso gilashin ta wata fuska, shi ne hasken abu.

Dalilin hasken ma'auni shi ne wannan. Fim ko kyamara ƙarfin haske kawai suke iya rubutawa. Ba su san daga wace fuska igiyar haske ta zo ba, ko a wane mataki na hawa da saukarta ta iso, alhali a nan zurfin abu yake ɓoye. Idan igiyoyi biyu suka haɗu a fuskar gilashin, inda tozo ya gamu da tozo haske ya ƙaru, inda tozo ya gamu da kwari su kashe juna. Sai a sami zane na siraran layuka masu haske da duhu, kuma tazararsu da karkatarsu su ne suke riƙe da labarin inda hasken motar ya fito. Dennis Gabor ya fito da dabarar a 1947, ya sami kyautar Nobel a kanta a 1971. Shi haskensa biyu a layi ɗaya suke, hoton yana cakuɗewa da wani tagwayensa. Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Michigan ne suka karkatar da hasken ma'auni gefe a farkon shekarun 1960, kuma tsarinsu akwatin nan ya bi.

Sirantar layukan ita ce tushen duk wahalar aikin. Ana lissafa tazararsu da d = λ / (2 sin(θ/2)), inda λ yake tsawon zangon igiyar hasken, θ kuma kusurwar da ke tsakanin hasken biyu. A shirina kusurwar ta kai kusan digiri 45, wato tazarar nanomita 850 ke nan, layi sama da 1,100 a cikin milimita ɗaya. Ɗaukar hoton kuma tana cin mintuna. Idan motar ko gilashin ya gusa da kwatankwacin nanomita 160 a tsawon wannan lokaci, layin haske zai iya hawa gurbin layin duhu, zanen ya shafe. A nan nake da ƙorafi kan mariƙin robar: ba shi da nauyi, kuma yana ci gaba da saki a hankali bayan an taɓa shi. Sai da na koma aiki a daɓen siminti, na manne motar, na kuma riƙa barin komai ya natsu a cikin duhu kafin in ɗage katin da ke tare hasken, sannan hotuna suka fara fitowa da kyau.

Gilashin da ya lalace yakan nuna abin da ya same shi. Idan komai ya fito amma motar ta zama baƙin gurbi, ita ce ta motsa. Idan babu komai sam, gilashin ne ya motsa, ko teburin duka. Idan kuwa wasu ratsin duhu suka zagaye jikin motar, lezar ce ta yi tsalle daga wani zango zuwa wani don ba ta gama ɗumama ba, maganinsa a kunna ta tun da wuri a bar ta.

Sake fito da hoton shi ne inda na fi jin daɗi. Ana ɗauke motar, a bar gilashin a gurbinsa, hasken ma'auni kaɗai yana dukansa. Layukan da aka rubuta sai su karkatar da wani kaso na hasken zuwa daidai hanyoyin da hasken motar ya bi da farko. Ido ba shi da yadda zai bambanta, sai ya ga motar a bayan gilashin, a inda take a da. Na dasa ƙusa a bayanta tun kafin ɗauka, kuma idan na kauda kai gefe ƙusar tana leƙowa, in na dawo ta ɓuya. Juya gilashin kaɗan daga kusurwarsa kuwa, hoton ya dushe.

Gwajin ɓalli ba ya buƙatar a fasa komai. Baƙar takarda na huda, kafa mai faɗin milimita 5, na rufe gilashin da ita. Da na kai ido kusa da kafar, sai ga motar cikakkiya, gaba da baya da tayoyi. Dalilin yana cikin yadda aka ɗauka: babu wani gilashin kyamara tsakanin motar da farantin gilashin da zai tattara hasken kowane ɗigo wuri guda. Kowane ɗigo a jikin motar ya watsa haskensa ko'ina a farantin, kowane lungu na farantin kuma ya karɓi haske daga duk ɗigon da ke fuskantarsa. Kamar taga ce: ko an toshe ta an bar ƴar kafa, mai leƙe zai ga ɗakin duka, amma daga wuri ɗaya.

Wannan "daga wuri ɗaya" shi ne abin da littafin ya tsallake. Da kafar tana gefen hagu, ƙusar ba ta nan, domin daga can motar ta tare ta, haskenta bai taɓa isa wannan lungun ba. Da na ja takardar dama, ta bayyana. Ke nan ɓallin yana ɗauke da duk abin da ake hangowa daga gurbinsa ne, ba duk abin da babban gilashin ya sani ba. Tsabtar hoton ma tana raguwa. Mafi ƙanƙantar abin da kafa za ta iya rarrabewa ya kai kusan tsawon zango sau nisa, a raba da faɗin kafar. Motar tana nisan santimita 20, don haka kafar milimita 5 tana rarrabe abu mai milimita 0.03, ido ba zai lura da asara ba. Da na sauya zuwa kafar milimita 1, lissafin ya koma milimita 0.13, kuma na gani da idona: ƙananan rubutun jikin motar sun narke, ɗige-ɗigen da hasken leza ke yi a jikin hoto sun yi kauri, hoton ya yi duhu.

Haka kuma ba kowane hologiram ne ke yin wannan ba. Na jikin katin banki an ɗauke shi ne hoton yana kan fuskar farantin ko dab da ita, don haka in aka yanke shi, rabin hoton za a samu.

Ga ɗalibi ko malamin kimiyyar haske, akwatin ya cancanci a neme shi, musamman saboda gilasan da ba su buƙatar wanki. Sai dai gilasan ba su da yawa kuma kowane sau ɗaya ake ɗauka a kansa, saboda haka a tanadi mariƙi mai nauyi tun kafin a buɗe na farko, kuma kada a taɓa kallon bakin lezar kai tsaye yayin leƙen kafar.