Na Fika ko na Smith: wanne ya fi dacewa da sharhin samina?

"Yayyena, an ce in yi sharhin littafin tarihi guda, shafi biyar, in fito da hujjar marubuci da madogararsa da rauninsa. In ɗauki na Adamu Fika kan Basasar Kano, ko na M.G. Smith kan mulkin Kano?"

Ƙanwata, ɗauki na Fika, kada ki tsaya wani shawara. Duka biyun ina da su a gida. Na Fika har bangonsa ya gaji, ciki duk zanen fensir, don abokan karatuna sun yi ta aronsa kowa na barin nasa rubutun a gefen shafi, kuma har yau in na buɗe sai in tarar da gardamarmu tana nan. Na Smith kuwa babban aiki ne, ba a musu, amma daga 1350 zuwa 1950 ya ɗauko, shekara ɗari shida ke nan. A shafi biyar sai dai ki jero sunayen sarakuna takarda ta ƙare.

Littafin Fika ya fito a 1978, ya kama daga 1882 zuwa 1940, kuma daga waɗannan shekarun ma za ki fara shinshino hujjarsa. A 1882 Muhammadu Bello ya hau gadon Kano, alhali yaƙin bai tashi ba sai bayan rasuwarsa a 1893, da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su kuma 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, Sarkin da Bello ya gada, suka bi ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai. Me ya sa marubucin ya koma baya shekara goma sha ɗaya? Me kuma ya hana shi tsayawa a 1903 da Turawa suka ci Kano? Wanda ya haɗa basasa da mulkin Turawa a littafi ɗaya yana nufin akwai zaren da ya ɗaure su. Karanta gabatarwa da kammalawa tukuna, ki nemo zaren, ki rubuta shi a jimla biyu da bakinki. In kin ga kina rubuta "a babi na ɗaya ya ce, a babi na biyu ya ce", to taƙaitawa kike yi, kuma malami zai gane tun a layin farko. Rabin shafi ya ishi wannan.

Madogara ce za ta ci miki shafi biyu, kuma a nan makin yake. Kada ki ce "ya yi amfani da majiyoyi da dama". Zaɓi magana ɗaya, misali dalilin da ya sa mutane suka juya wa Tukur baya, ki bi lambobin madogararta ɗaya bayan ɗaya. Wannan daga wasiƙar Larabci ta lokacin ta fito, ko daga rahoton Razdan da ke ajiye a Kaduna, ko daga hira da wani dattijo? Kowacce da inda take karkata. Yusufawa ne suka ci yaƙin, Alu, ɗan'uwan Yusufu da ya gaji jagorancinsu, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Da Turawa suka zo kuma Abbas suka naɗa, shi ma ɗan Maje Karofi. Saboda haka duk labarin da aka ji a kusa da fada bayan nan, a ƙarƙashin waɗanda suka yi nasara aka ba da shi. Duba jerin waɗanda aka yi hira da su ki ga ko muryar Tukurawa ta fito, ki ga kuma ko marubucin ya lura da wannan karkata ya faɗa.

Abin da kika samo a nan shi ne zai ba ki rauni na gaske, wato wurin da magana ta fi shaidarta nauyi. Kawo lambar shafi, ki ce ga da'awa, ga abin da ta jingina a kai, ga abin da ya rage. "Bai yi maganar mata ba" ko "littafin ya tsufa" ba sa zama rauni sai kin nuna yadda rashin ya girgiza hujjar da kanta.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba. Sabon kwafi yana wuyar samu, shi ya sa masu hoto ke ɗinke shi su sayar a shagunan bakin makaranta. Akwai mai shagon da ya taɓa sayar mini da wani littafin tarihi haka, yana rantsuwa cikakke ne, ashe ya zubar da manazarta da jerin masu hira don ya rage takarda, wasu shafukan ma ƙasansu a yanke. Irin wannan kwafi ba zai yi miki aikin madogara ba ko kaɗan. Kafin ki ba da kuɗi, buɗe ƙarshen littafin a gaban mai shago, ki bi lambobin shafi ki ga ba tsallake, ki tabbata shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da maɗaba'a yana nan, don da shi za ki buɗe sharhin. In ya ce sauri yake, ajiye masa kayansa ki tafi laburaren jami'a ki yi hoton da kanki.